Abin Da Ya Haɗa Daura Da Gusau: Yadda Kwamfuta Ke Gano Inda Rubutu Biyu Suka Yi Tarayya

Rubuta KATSINA a takarda, ka rubuta KADUNA a ƙarƙashinta. Yanzu ka soke haruffa daga kowacce, ba tare da ka sauya wa ko ɗaya mazauni ba, har abin da ya rage a sama ya zama daidai da abin da ya rage a ƙasa. Idan ka soke T, S da I daga ta farko, ka soke D da U daga ta biyu, KANA ce za ta rage a duka biyun. Haruffa huɗu ke nan, kuma duk yadda ka juya ba za ka samu biyar ba. Wannan shi ne jerin tarayya mafi tsawo, wanda masana kwamfuta ke taƙaita sunansa da LCS. Sharaɗinsa ɗaya ne: haruffan su zo bi da bi kamar yadda suke a asali, amma ba dole su kasance manne da juna ba. Da an ce sai manannu, da amsar ba ta wuce KA ko NA ba.

A sunayen garuruwa ido kaɗai ya isa. Amma wannan tambayar ce kwamfuta ke amsawa idan aka ba ta tsohon kwafin takarda da sabo aka ce ta nuna abin da ya canza. Layukan da suka shiga jerin tarayya su ne waɗanda ba a taɓa ba. Saura kuwa ko an goge su ko an ƙaro su. A kan wannan tunani aka gina manhajar diff, wadda James Hunt da Douglas McIlroy na Bell Labs suka bayyana tsarinta a 1976. Masu kwatanta ƙwayoyin gado ma, waɗanda ake rubutawa da haruffa huɗu, A, C, G da T, da jadawali mai kama da wannan suke aiki tun aikin Needleman da Wunsch na 1970.

Mai karatu zai iya cewa, me zai hana a gwada duk hanyoyin soke haruffa a zaɓi mafi kyau? Kowane harafi ko dai a bar shi ko a soke shi, saboda haka duk harafin da aka ƙara yana ninka yawan hanyoyin sau biyu. Jeri mai haruffa 30 kacal yana da hanyoyi sama da biliyan ɗaya. Jadawalin da za mu cike yanzu kuwa gida 900 ne cikinsa idan jeri biyun masu haruffa talatin-talatin ne.

Mu ɗauki DAURA da GUSAU, don ƙanana ne kuma akwai abin lura a cikinsu. A zana jadawali, a jera haruffan DAURA daga sama zuwa ƙasa ta gefen hagu, haruffan GUSAU kuma daga hagu zuwa dama ta sama. A ƙara layi ɗaya a sama da wani a hagu, a cika su da sifili. Kowane gida yana amsa ƙaramar tambaya guda: idan na tsaya a wannan harafin na DAURA, na tsaya a wancan na GUSAU, nawa ne tsawon tarayyarsu zuwa nan? Gidan da U na DAURA ya haɗu da S, misali, yana kwatanta DAU ne da GUS. Sifilan gefe kuma na nufin an kwatanta wani abu da babu, don haka ba tarayya.

Ƙa'idar cikewa biyu ce. Idan harafin hagu da na sama iri ɗaya ne, a dubi gidan da ke kusurwa, wato sama ta hagu, a ƙara ɗaya a kan abin da ke cikinsa. Idan sun bambanta, a dubi gidan sama da gidan hagu, a kwafi wanda ya fi girma.

Yana da kyau a san dalilin ƙa'idar, domin wanda ya haddace ta kawai shi ne ke ruɗewa a tsakiyar aiki. Idan haruffan ƙarshe biyu sun dace, ba a asarar komai in an haɗa su a matsayin ƙarshen jerin tarayya. Da zarar an haɗa su kuwa an gama da su duka biyun, sai a koma ga abin da ya gabace su a kowane ɓangare, kuma amsar wannan tana zaune a gidan kusurwa. Idan ba su dace ba, ba zai yiwu su biyun su zama harafin ƙarshe na jerin ba, dole a bar aƙalla ɗaya. Barin na DAURA shi ne duba gidan sama, barin na GUSAU shi ne duba gidan hagu. Tun da mafi tsawo muke nema, sai mu ɗauki babba. Ana cikewa layi bayan layi daga hagu zuwa dama, saboda duk gidan da aka iso, maƙwabtansa uku sun riga sun cika. Ga abin da ke fitowa:

```
      G U S A U
    0 0 0 0 0 0
D   0 0 0 0 0 0
A   0 0 0 0 1 1
U   0 0 1 1 1 2
R   0 0 1 1 1 2
A   0 0 1 1 2 2
```

Layin D sifili ne gaba ɗaya, don babu D a GUSAU. A layin A na farko, an samu dacewa a ƙarƙashin A, kusurwa sifili ce, aka rubuta 1, gidan da ke binsa ya kwafi 1 ɗin daga hagu. Layin U ya dace sau biyu: a U na farko kusurwa sifili ce, ya zama 1, a U na ƙarshe kusurwa 1 ce, ya zama 2. Layin R kwafin na samansa ne. Gidan ƙarshe, ƙasa ta dama, shi ne amsar babbar tambaya: 2.

Sai dai 2 adadi ne kawai. Bai faɗi waɗanne haruffa ba ne, kuma wanda ke son ganin layukan da aka goge a takardarsa adadi ba zai yi masa amfani ba. A ganina nan ne daɗin aikin yake, kuma nan ne masu koyo suka fi gaggawar wucewa. Kowace lamba a jadawalin daga wani maƙwabci ta zo, saboda haka ana iya bin sawunta a koma baya, kamar yadda makiyayi ke bin sawun dabba har inda ta fito.

A fara daga gidan ƙarshe. Harafin hagu A ne, na sama U, ba su dace ba, ke nan lambar kwafo ta aka yi. Daga ina? Sama 2 ne, hagu ma 2 ne. An yi kunnen doki, kowace hanya halal ce. Mu hau sama. Yanzu muna kan R da U, ba su dace ba. Sama 2, hagu 1, sai mu sake hawa. Mun iso U da U. Sun dace, sai mu rubuta U a gefe, mu tsallaka kusurwa. Nan kuma A da A ne, mu rubuta A, mu sake tsallakawa. Mun faɗa kan sifili, tafiya ta ƙare. Mun tsinci U sannan A, amma tun da daga ƙarshe muka faro, sai a juya su: AU. Duba da kanka, akwai A sannan U a DAURA, akwai su a ƙarshen GUSAU.

To, da a wurin kunnen dokin hagu muka bi fa? Da mun faɗa kan A na ƙarshen DAURA da A na GUSAU, mu rubuta A, mu tsallaka zuwa R da S. Daga nan ko sama aka fara bi ko hagu, a kan U da U na farko za a sauka. An tsinci A sannan U, a juya, a samu UA. Ita ma amsa ce ingantacciya mai haruffa biyu. Tsawon ɗaya ne tak, amma jerin da ke da wannan tsawon na iya yin yawa. Shi ya sa manhajoji biyu za su iya kwatanta takardu iri ɗaya su nuna canjin ta fuska dabam-dabam, kuma babu wadda ta yi kuskure. Mai rubuta manhaja yakan tsayar da doka ɗaya, misali kullum a hau sama idan an yi kunnen doki, don amsar ta riƙa fitowa iri ɗaya.

Wannan misalin yana da tarko ga mai gwaji. Wanda ya manta juyawa zai samu UA maimakon AU, ya duba ya ga daidai ne, ya ɗauka aikinsa ya yi kyau, alhali sa'a ce kawai. Ya gwada da KATSINA da KADUNA: idan ANAK ta fito maimakon KANA, an manta juyawa.

Kuskure na biyu a wajen cikewa yake. Mutum ya ga haruffa sun dace, sai ya ƙara ɗaya a kan babban da ke tsakanin sama da hagu, ba a kan kusurwa ba. Yin haka ƙirga harafi ɗaya ne sau biyu. Kwatanta BABA da BA ta wannan gurguwar hanya, za ka samu 3, alhali BA ɗin kanta haruffa biyu ce. Akwai alamomin da ke tona irin wannan: amsa ba ta taɓa wuce tsawon gajeren jerin, lambobi ba sa raguwa idan ana tafiya dama ko ƙasa, kuma gida ba ya fin maƙwabcinsa da abin da ya wuce ɗaya. Mai aiki da rubutun Hausa kuma ya tuna cewa a wurin kwamfuta ƙ dabam k dabam, sannan ts da sh haruffa bibbiyu take ganin su, sai in an koya mata akasin haka.

Daga tsawon nan ana fitar da wani lissafi a sauƙaƙe. DAURA haruffa biyar ce, biyu sun tsira, ke nan uku za a goge. GUSAU ma biyar ce, ke nan uku za a ƙaro. Gogewa uku da ƙari uku su ne mafi ƙarancin abin da zai mai da wannan waccan, idan gogewa da ƙari kaɗai aka yarda da su.

Iyakar hanyar ita ce girman jadawalin. Takardu biyu masu layi 100,000 kowacce suna buƙatar gida biliyan goma, kuma in kowane gida ya ci bayit huɗu, gigabayit 40 ke nan. Idan tsawon kawai ake so, da sauƙi: kowane layi na samansa kaɗai yake dubawa, don haka layi biyu sun isa, a riƙa zubar da tsofaffi. Amma wanda ya zubar da su ya share sawun da zai bi ya koma, ya samu adadi ya rasa jerin. Daniel Hirschberg ne ya warware wannan a 1975. Ya raba jeri na farko gida biyu, ya lissafa rabin farko daga gaba, rabi na biyu daga baya, duka da dabarar layi biyu, sannan ya nemi wurin da za a yanka jeri na biyu inda jimillar ɓangarorin ta fi girma. Nan ne hanyar ke ratsa tsakiya. Sai a maimaita haka a kowane rabi har a kai ga harafi ɗaya. Aikin yana ninkuwa kusan sau biyu, amma wurin ajiya ba ya wuce na 'yan layuka. Manhajar git kuwa, idan ba a ce mata ta yi dabam ba, hanyar Eugene Myers ta 1986 take bi, wadda saurinta ya dogara da yawan bambancin: in takardun sun kusa zama ɗaya, gidajen da ke kusa da layin kusurwa kaɗai take leƙawa, ta bar sauran jadawalin ba ta taɓa ba.