Kaifafa Hoto: Na Allo Daban, Na Takarda Daban

Wata rana wani ɗalibina ya kawo mini hoton fatar albasa da ya ɗauka ta madubin ganin ƙananan halittu, yana murna wai ya gano wani farin shimfiɗi a gefen bangon kowace ƙwayar halitta wanda littattafai ba su ambata ba. Muka koma kan madubin muka duba, babu shi. Ashe ya kaifafa hoton ne a kwamfuta da adadin da ya dace da takarda, sannan ya zauna yana nazarinsa a kan allo. Farin layin kwamfuta ce ta zana shi.

Domin mai karatu ya gane yadda haka ta faru, sai ya fara sanin cewa kaifafa hoto ba ya ƙara masa komai da madubi bai kamo ba. Abin da manhaja ke yi shi ne ta bi duk inda haske ya haɗu da duhu, ta ƙara wa ɓangaren haske haske, ta ƙara wa ɓangaren duhu duhu. Wannan siririn layi da ke bin iyaka shi za mu kira geza. Idonmu ma haka yake yi, domin ƙwayoyin da ke tantanin bayan ido suna danne amsar maƙwabtansu, sai iyaka ta fito fili fiye da yadda take a zahiri. Masanin nan na ƙasar Ostiriya, Ernst Mach, ya bayyana wannan ruɗin gani tun a 1865. Saboda haka in geza siririya ce, ido yakan karɓe ta a matsayin kaifi. In kuwa ta yi faɗi, sai ya gan ta a matsayin layi mai zaman kansa, kamar yadda ɗalibina ya gani.

To, yaya ake sanin faɗin da ya dace? Amsar tana ga ido da nisansa daga hoton. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abubuwa biyu in tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A nisan santimita 30, wato inda ake riƙe littafi, wannan ya yi daidai da milimita 0.09. A santimita 60 ya zama milimita 0.17, a mita ɗaya da rabi kuma milimita 0.44. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙaramin abin da ido ke iya gani shi ma ya ninka. Wannan ya dace da al'adar buga hoto da ɗigo 300 a kowane inci, domin kowane ɗigo yana da faɗin milimita 0.085, wato daidai inda idon mai karatu ke gazawa.

Bari mu bi hoton albasar nan, mai faɗin ɗigo 3000, zuwa wurare uku. Kayan aikin da za mu yi amfani da shi ana samunsa a manhajoji irin su Photoshop da GIMP da sunan Unsharp Mask. Radius shi ke tsara faɗin geza, Amount kuma ƙarfinta. A bisa ƙiyasi, gezar da ake gani takan kai kusan ninki biyu na lambar da aka sa a Radius.

A allon kwamfuta na tebur mai ɗigo 96 a inci, kowane ɗigo yana da faɗin milimita 0.26, ana kuma kallonsa daga kusan santimita 60. Ka ga ke nan ɗigo guda ya fi ƙarfin iyakar ido, kuma allo ba ya ɓata komai, abin da aka ba shi shi yake nunawa. Don haka sai a fara rage hoton zuwa girman da za a nuna shi, alal misali ɗigo 1200, sannan a kaifafa da Radius na 0.3 zuwa 0.5. A nan idonka shi ne alƙali, muddin ka duba hoton a 100%. Allon wayar hannu, mai ɗigo 400 ko fiye a inci, yakan jure abin da ya ɗan fi haka.

Takarda kuwa labarinta daban ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Na'urar bugawa ba ta ajiye ɗigon hoto yadda yake. Takan farfasa shi zuwa ƙananan ɗigon tawada, ita kuma tawada in ta sauka kan takarda sai ta nashe ta bazu, ta cinye wani ɓangare na gezar haske. Takarda mara sheƙi ta fi mai sheƙi shan tawada, saboda haka ta fi bukatar kaifi. Marubucin nan Bruce Fraser, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan kaifafa hoto a 2006, ya ba da shawarar cewa geza a takardar da za a riƙe a hannu ta tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin 100 da kashi ɗaya cikin 50 na inci. Mu ɗauki ƙaramin adadin, wato milimita 0.25. In hoton zai fito a mujalla da faɗin santimita 17, za a rage shi zuwa ɗigo 2000, geza ta zama ɗigo uku, Radius kuma kusan 1.5. Ana iya tambaya, ai milimita 0.25 ya fi iyakar ido, me ya hana a gan ta? Dalili shi ne geza ba baƙin layi ba ce a kan fari. Tana dusashewa a hankali, kuma tawada ta riga ta rage ta.

Wannan hoton da aka shirya wa takarda, in aka buɗe shi a allo a 100%, zai fito da muni, kamar an bi kowane bango da alli, domin allo ya faɗaɗa shi sau uku. Kada wannan ya sa ka rage kaifin. Duba shi a 50% yakan ba da hasashe, amma ni ban taɓa ganin abin da ya kai gwaji ba: ka yanki ɓangare ɗaya na hoton, ka yi masa Amount iri uku, misali 80% da 120% da 160%, ka buga su a jere a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, ka bari tawada ta bushe, ka zaɓa.

Wuri na uku shi ne babban fastan da ake kafewa a zauren taron ƙara wa juna sani. In aka buga ɗigo 3000 ɗin nan a faɗin santimita 50, za a sami kusan ɗigo 150 a inci, kowane ɗigo milimita 0.17. Wanda ya tsaya a mita ɗaya da rabi ya ninka nisan mai karanta littafi sau biyar, don haka lissafi ya ce geza ta zama milimita 1.25, wato ɗigo bakwai. Sai dai ban yarda a bi lissafin nan ido rufe ba. Allon talla na bakin titi babu mai matsawa kusa da shi, amma fastan kimiyya, wanda ya fi damuwa da aikinka shi ne zai matso har ya kusa taɓa shi da hanci. Na fi son a yi lissafi da santimita 60, geza ta zama rabin milimita, wato ɗigo uku. Daga nesa hoton zai ɗan yi laushi, amma masanin da ya matso ba zai ga abin da babu shi ba.

Alamun an wuce gona da iri ba su da wuyar ganewa: farin layi a gefen bango, fili mai santsi ya koma kamar an barbaɗa masa yashi, ƙurar da ke kan gilashi ta fito kamar wata gaɓa. Maganin yashin shi ne a ɗaga Threshold kaɗan, misali zuwa 3 ko 4 a Photoshop, domin manhaja ta ƙyale ƙananan bambance-bambance. Kaifafawa kuma ita ce aikin ƙarshe, bayan an gama daidaita girma, kuma a kan kwafi ake yin ta. Duk wani awo ko ƙidaya a kan hoton asali za a yi shi, sannan a rubuta a ƙarƙashin hoton da aka buga cewa an kaifafa shi, tare da lambobin da aka sa. Da muka buɗe hoton asali na ɗalibin nan muka auna, sai muka tarar da bango ɗaya rak a tsakanin ƙwayoyin, babu wani farin shimfiɗi a gefensa.