Yadda Ake Kwance Kacici-kacicin Cike Gurbi na Jaridun Birtaniya

Wasan cike gurbi mai ɓoyayyar ma'ana ya samo asali ne a Birtaniya, inda Edward Powys Mathers ya fara tsara shi a jaridar Observer a 1926. Kowane gurbi yana da nasa kacici-kacicin mai kashi biyu: ma'anar kalmar da ake nema, wadda kan zo a farko ko a ƙarshe, sai kuma dabarar haɗa haruffanta. Lambar da ke cikin baka ita ce yawan haruffan amsar. Abin da jimlar take faɗa a zahiri kuwa shigo-shigo ba zurfi ne, an tsara shi don ya ɗauke hankali.

Dabarar da ya fi kyau a fara koya ita ce hautsina haruffa. Ana gane ta da kalmar da ke nuna fashewa, ruɗewa ko sauyi, irin su "broken" da "mixed". Ga misali: "Broken plates make basic food (6)". Mai karatu zai hango fasassun faranti, alhali "broken" umarni ne cewa a wargaza kalmar da ke kusa da ita. Sai a ƙirga: "plates" haruffa shida ce, daidai da lambar baka. Amma haruffan nan suna iya ba da PETALS, ko PASTEL, ko STAPLE. Ƙarshen jimlar ne ke raba gardama, domin yana neman abincin yau da kullum, wato STAPLE. Idan ƙirgen bai yi daidai ba, to ko dai an ɗauki kalmar da ba ita ba, ko kuma dabarar wata ce daban.

Ɓoyayyar kalma ta fi sauƙi, amma ido kan tsallake ta. A "Animal found in Chicago attic (4)", kalmomin "found in" suna cewa amsar tana kwance a ciki, haruffanta a jere. Ƙarshen "Chicago" da farkon "attic" sun ba da GOAT, akuya.

Ta uku da kunne ake kama ta: kalmomi biyu masu furuci ɗaya, rubutu daban. Alamarta ita ce ambaton ji ko magana, kamar "we hear" ko "reportedly". A "Star boy, we hear (3)", yaron shi ne "son", wanda furucinsa ɗaya da SUN, rana, wadda ita ma tauraro ce. Kalmar da ke manne da alamar ita ake furtawa, ɗayar kuma ita ce ma'ana. Idan alamar ta faɗo tsakiya, sai haruffan da suka gitta daga wasu gurabe su tantance. Wannan dabara tana da rauni na gaske, domin ta dogara da karin harshe: mutumin Landan yana furta "court" da "caught" iri ɗaya, mutumin Sikotland kuwa yana bambanta su.