Idan hoton talla ya fi kayan kyau

Masu ƙananan shaguna da yawa yanzu ba sa kiran mai hoto. Sai su tura wa mai tsara hotunan talla hoton kayansu ta waya, shi kuma ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar da hoto mai ƙyalli. Matsalar ita ce manhajar ba ɗaukar hoton kayan take yi ba, sake zana shi take yi bisa abin da ta saba gani. A nan ne kwalba take sauya siffa, rubutu ya hargitse.

A ce Hajiya ce mai sayar da humra da turaren wuta a Kano, an turo mata hotuna uku. Da ta rubuta "bai yi ba, a gyara", da ta bar mai aikin cikin duhu. Ga irin saƙon da ke aiki:

"Salamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. A hoto na biyu, humrata fara ce, amma ta fito ruwan zuma. Mai saye zai ɗauka baƙar humra ce. Kwalbar ƙarama ce, ba ta wuce tsawon tafin hannuna ba, a hoton kuwa ta kusa kai kasko tsayi. Sunan shagona da ke jikin takardar ya zama wasu haruffa marasa ma'ana. Ga hoton kwalbar a hannuna, na ɗauka a bakin taga da safe. Shimfiɗar da hasken sun yi, don Allah kada a taɓa su."

Jimlar ƙarshen nan ta fi kowacce nauyi a wurina. Duk lokacin da aka sa manhajar ta sake fitar da hoto gaba ɗaya, tana iya gyara abu ɗaya ta ɓata biyu. Idan mai aikin ya san abin da aka amince da shi, sai ya killace wurin da ke da aibi kaɗai. Mafi aminci ma, ya yanko ainihin kwalbar daga hoton Hajiya ya ɗora ta kan shimfiɗar da manhajar ta zana, ya daidaita inuwa. Launi da rubutu sun zama na gaskiya ke nan.

Batun girma ba ado ba ne, amana ce. Wadda ta ga babbar kwalba ta biya, aka kai mata ƙarama, ba mai zanen za ta zarga ba.

Hajiya ta kuma faɗi inda hoton zai tafi: na Status a WhatsApp dogo ne a tsaye, 1080 × 1920, kuma a bar fili sama da ƙasa don kada rubutun manhajar ya rufe farashi. Hoton kwalbar kuwa ta tura shi a matsayin Document, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto har ƙananan haruffa su dushe.