Takardar CAC Ba Lasisin Karɓar Kuɗin Jama'a Ba Ce

Da zarar ka tambayi mai tallar kamfanin zuba jari ko suna da rajista, sai ya turo maka hoton takardar CAC ta WhatsApp. Sau da yawa takardar ta gaskiya ce, kuma nan ne ake yin kuskure. Abin da CAC ke tabbatarwa shi ne akwai kamfani mai wannan suna, an yi masa rajista ranar kaza. Mai shagon ɗinki ma yana iya mallakarta. Izinin karɓar kuɗin mutane a juya musu yana hannun hukumar SEC, izinin karɓar ajiya irin ta banki kuwa yana hannun Babban Bankin Najeriya.

Haka aka yi da CBEX, wanda ya rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025. Masu tallarsa sun riƙa nuna rajistar wani kamfani mai suna ST Technologies, har da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC. Mutane suka ga sunan EFCC, hankalinsu ya kwanta. Alhali waccan takarda rajista ce ta sa ido kan halatta kuɗin haram, ba ta ba kowa ikon tara jari. Daga baya SEC ta bayyana cewa ba ta yi wa CBEX rajista ba.

Binciken takardar CAC ba ya cin kuɗi. Ka ɗauki lambar da ke jikin takardar ka nema a shafin binciken CAC, amma da hannunka za ka rubuta cac.gov.ng, kada ka bi mahaɗin da suka turo. Lambar kamfani tana farawa da RC, ta sunan kasuwanci da BN. Idan sunan ya ƙare da Limited amma lambar BN ce, akwai lauje cikin naɗi. Duba ranar rajista kuma: wanda ke cewa ya shekara goma yana biyan riba, ga shi bara aka yi masa rajista, ya riga ya tona kansa. Sannan ka shiga sec.gov.ng ka nemi sunan a jerin waɗanda aka ba izini, ka ga wane aiki aka yarda ya yi.

Jabun takarda kuwa ba kasafai ake ƙirƙirarta daga tushe ba. Ta wani kamfanin gaske ake samu a goge suna a ɗora sabo. Shi ya sa za ka ga haruffan sunan sun fi sauran rubutun kauri, ko layin ya ɗan karkace, ko gurbinsa ya fi sauran takardar haske. Idan ka nemi lambar, sai ta fito da sunan wani kamfani dabam. Sababbin takardun CAC suna ɗauke da alamar QR. Ta jabu tana iya ƙin buɗewa, ko ta kai ka shafin da ba ya ƙarewa da gov.ng.

Akwai kuma masu aron sunan kamfani mai lasisi ɗungurungum, takarda da lamba duk daidai. Su asusun banki ne ke kama su: kafin ka tura kuɗi, duba sunan da ya bayyana. In sunan mutum ne ko na wani kamfani, ka dakata, ka kira ainihin kamfanin ta lambar wayar da ka samo da kanka.