An ɗauke wuta, an dawo da ita: yadda za ku hana na'urarku mance lokaci

Ɗalibai da yawa a kulob ɗin kimiyya sukan fara aikin Arduino da na'urar da ke kunna abu ta kashe shi da kanta: ƙararrawar makaranta, famfon ban-ruwa, ko fitilar tsakar gida. A teburin gwaji komai kan tafi daidai. Sai an kafa ta a bango an yi kwana biyu, a ga fitila na ci da rana tsaka, dare kuma ya raba ta mutu. Galibi babu wayar da ta tsinke. Wuta ce aka ɗauke aka dawo da ita, na'urar ta mance ƙarfe nawa ne.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe: fitilar harabar ɗakin kwanan ɗalibai, wadda ake so ta kama da ƙarfe 6:30 na yamma, ta mutu da ƙarfe 6:00 na safe.

Arduino ba shi da agogo

Allon Arduino Uno bai san safe ba, bai san yamma ba. Abin da ya iya shi ne ƙirga tsawon lokacin da ya wuce tun da aka kunna shi, ta umarnin `millis()`. Da zarar wuta ta yanke, ƙirgar ta ɓace, idan ta dawo sai ya faro daga sifiri.

A ce ɗalibi ya jona na'urar da ƙarfe 6:30 na yamma, ya rubuta mata cewa ta kunna fitila na awa 11 da rabi, ta kashe na awa 12 da rabi, ta yi ta maimaitawa. Muddin akwai wuta, lissafin daidai yake. Amma idan aka ɗauke wuta da hantsi aka dawo da ita ƙarfe 2:00 na rana, allon zai ɗauka yanzu aka fara. Zai kunna fitilar nan take, ya kashe ta ƙarfe 1:30 na dare, daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Agogo mai batirin kansa

Maganin shi ne a ƙara wani ɗan allo da ake kira RTC, wato agogon da ke riƙe da sa'a da kwanan wata na haƙiƙa. Yana da ɗan batiri mai kama da kwabo, lamba CR2032, mai bolt 3, irin wanda ke cikin kwamfutar tebur. Idan akwai wuta, agogon na ci daga Arduino. Idan ta yanke, sai ya koma kan batirinsa da kansa ya ci gaba da ƙirga. Wutar da yake ja kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa batiri ɗaya kan yi shekaru.

A lura, batirin agogo kawai yake riƙewa. Ba ya kunna Arduino, balle fitila. Aikinsa shi ne idan wuta ta dawo Arduino ya tambayi lokaci, ya sami amsa ta gaskiya.

Iri biyu aka fi samu a shagunan kayan lantarki: DS1307 da DS3231. Dukansu suna ƙirga da wani ɗan ƙanƙanin dutse da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Sai dai zafi na rage saurin kaɗawar. An daidaita irin wannan dutse ne a kan zafin digiri 25. Idan akwatin na'urar ya kai digiri 45, kamar yadda yakan faru a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, agogon kan yi latti da fiye da daƙiƙa ɗaya kowace rana. DS1307 ba ya gyara wannan. Shi kuwa DS3231 yana da ma'aunin zafi a cikinsa, yana dubawa duk bayan daƙiƙa 64 yana gyara kansa. Tsakanin digiri 0 da 40, kuskurensa bai cika wuce kimanin minti ɗaya a shekara ba. Don haka idan an sami zaɓi, a ɗauki DS3231.

Wayoyi huɗu

A cire wuta kafin a fara haɗawa. Daga agogon zuwa Arduino Uno, `GND` zai tafi `GND`, `VCC` zai tafi `3.3V`, `SDA` zai tafi `A4`, `SCL` kuma `A5`. Sauran ƙafafu biyun, `SQW` da `32K`, a bar su haka.

Akwai dalilin zaɓar `3.3V` maimakon `5V`. Allon DS3231 mai arha da ya fi yawa, wanda aka buga wa ZS-042 a jiki, yana da hanyar cajin batiri. Shi kuwa CR2032 ba a cajinsa. Idan aka ba allon bolt 5, wuta za ta riƙa kutsawa cikin batirin har ya kumbura ko ya lalace. A kan bolt 3.3 ƙarfin da ke isa wurin bai kai na batirin ba, saboda haka babu abin da ke shigarsa. Wanda dole sai ya yi amfani da `5V`, sai malami ya taimaka a cire ɗan rizisto mai lamba 201 da ke kusa da dayod ɗin cajin.

A saita lokaci sau ɗaya tak

A cikin manhajar Arduino IDE, a buɗe `Library Manager`, a nemo `RTClib` na Adafruit a sauke. Sannan a loda wannan gajeren shiri:

```cpp
#include <RTClib.h>
RTC_DS3231 rtc;

void setup() {
  rtc.begin();
  rtc.adjust(DateTime(F(__DATE__), F(__TIME__)));
}
void loop() {}
```

Layin `rtc.adjust` yana rubuta wa agogon lokacin da kwamfuta ke nunawa sa'ad da aka harhaɗa shirin. Don haka a fara tabbatar da agogon kwamfutar daidai yake.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Wancan lokacin yana liƙe ne a cikin shirin, ba ya canzawa. Idan aka loda shirin ranar Talata da ƙarfe 4:15 aka bar layin a ciki, duk sanda wuta ta dawo Arduino zai sake gaya wa agogon cewa yanzu Talata ce, ƙarfe 4:15. An sayi agogo, an sa batiri, amma shirin da kansa yana ɓata lokacin. Alamar wannan matsala ita ce lokaci ya riƙa komawa minti ɗaya takamaimai duk sanda aka kunna. Mafita ita ce da an gama saitawa, ba tare da cire waya ba, a loda babban shirin da babu `rtc.adjust` a cikinsa.

Tambayar da ya kamata shiri ya yi

Samun lokaci na gaskiya rabin aiki ne. Saura yadda za a yi amfani da shi. Abin da ya fi zuwa a rai shi ne a rubuta: idan ƙarfe 6:30 ya buga, kunna. To idan babu wuta a 6:30 fa? A ce an ɗauke ta da ƙarfe 5:00 na yamma, an dawo da ita ƙarfe 9:00 na dare. Arduino na kashe lokacin da 6:30 ya wuce, bai gan shi ba, zai zauna yana jiran na gobe, harabar kuma ta kwana cikin duhu.

Tambayar da ta dace ita ce: a wannan minti da muke ciki, fitila ya kamata ta kasance a kunne ko a kashe? Don sauƙin kwatantawa, a mayar da lokaci zuwa mintoci daga sha biyun dare. Ƙarfe 6:30 na yamma shi ne 18:30, wato 18 sau 60 a ƙara 30, ya ba da 1110. Ƙarfe 6:00 na safe kuwa 360 ne.

```cpp
void loop() {
  DateTime t = rtc.now();
  int m = t.hour() * 60 + t.minute();
  bool dare = (m >= 1110 || m < 360);
  digitalWrite(7, dare ? HIGH : LOW);
  delay(1000);
}
```

A cikin `setup()` na wannan shiri a sa `rtc.begin();` da `pinMode(7, OUTPUT);`. Ƙafa ta 7 ce ke juya rile, wato makunnin da Arduino ke sarrafawa.

Mu gwada lissafin. Wuta ta dawo 9:00 na dare, wato 21 sau 60, 1260. Ya wuce 1110, fitila ta kama nan take. Ta dawo 2:00 na rana: 840, bai kai 1110 ba, bai kuma gaza 360 ba, fitila ta zauna a kashe. Ta dawo 3:00 na dare: 180, ƙasa da 360, ta kama.

Alamar `||` na nufin "ko". An yi amfani da ita ne saboda jadawalin ya tsallaka sha biyun dare, inda ƙirga ke komawa sifiri. Da jadawalin a cikin yini ɗaya yake, kamar famfo daga 6:00 zuwa 6:30 na safe, da `&&` mai nufin "kuma" za a sa: `m >= 360 && m < 390`. Wanda ya sa `&&` a jadawalin dare, fitilarsa ba za ta taɓa kamawa ba, domin babu lambar da ta kai 1110 kuma take ƙasa da 360.

Ranar da batirin ya mutu

Idan batirin ya ƙare kuma aka ɗauke wuta, agogon zai tsaya. Da wuta ta dawo zai faro daga sha biyun daren 1 ga Janairu, 2000. Ganin shekarar 2000 a `Serial Monitor` alama ce ta mataccen batiri ko wanda bai zauna daidai a gurbinsa ba.

DS3231 yana ajiye shaidar cewa ya taɓa tsayawa, kuma `rtc.lostPower()` ne ke karanta ta. Ana iya sa shirin ya kunna ɗan ƙwan da ke kan ƙafa ta 13 idan amsar ta zo `true`, don mai kula ya san lokacin ba abin yarda ba ne. Sai a canza batiri, a sake loda shirin saitawa, wanda shi ke goge shaidar, sannan a mayar da babban shirin.

Gwaji kafin a kafa a bango

Kada a jira magariba. A canza 1110 zuwa minti biyar nan gaba, a cire wutar Arduino, a jira minti goma, a mayar. Rilen ya kamata ya yi ƙara ya kama cikin 'yan daƙiƙu. Idan ya yi akasin abin da ake so, yana kunne lokacin kashewa, to irin rilen da `LOW` ke kunnawa ne, sai a musanya `HIGH` da `LOW`. Idan `rtc.begin()` ya dawo da `false`, Arduino bai ga agogon ba. A duba ko an sauya wayoyin `A4` da `A5`.

Duk wannan gwaji a yi shi da ƙaramar fitila mai bolt 12 ko ƙasa da haka. Wutar bango mai bolt 230 tana kisa, haɗa rile da ita aikin malami ne ko ƙwararren mai gyaran wuta. Bayan gwaji a mayar da lambar zuwa 1110, a rubuta ranar da aka sa batirin a jikin akwatin.