Kafin ka je kasuwa sayen takalmi, fara auna ƙafarka

Na shekara kusan goma ina sayen takalmi mai lamba 44. In mai shago ya tambaye ni nawa nake sawa, ko tunani ba na yi. Kuma duk sau-cikin da na saya sai ya riƙa fita daga dunduniyata in ina sauri, gabansa ya lanƙwashe sama kamar bakin kwalekwale. Ranar da na sa rula na auna ƙafata sai na tarar tsawonta na mai lamba 42 ne. Faɗi ne da ita, ni kuma ina ta ƙara tsawo don in samu faɗin. Na tabbata masu irin matsalata suna da yawa, shi ya sa nake ganin gara mutum ya san ƙafarsa da santimita da ya haddace lamba ɗaya.

Kayan awon duk suna gida: farar takarda da ta fi ƙafarka girma, fensir, rula, da tef irin na tela. Yi awon da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, kuma takalmin da ya yi daidai da ƙafar safe zai iya matse ƙafar la'asar. In da safa za ka riƙa sa takalmin, sa safar kafin ka auna.

Nemi daɓe mai santsi, siminti ko tayil, ban da kan darduma ko katifa. Jingina gefen takardar da bango, ka taka ta yadda dunduniyarka za ta taɓa bangon, ka miƙe tsaye nauyinka a kan ƙafafu biyu. Tsayuwar nan ita ce ginshiƙin aikin, don ƙafa tana bajewa in ta ɗauki nauyin jiki, awon zaune kuwa yakan fito a gajarce. Ya fi kyau wani ya zana maka, saboda in ka sunkuya da kanka nauyin ya gushe. Ya riƙe fensirin a miƙe tsaye cak ya zagaye ƙafar. In ya karkata bakinsa ƙarƙashin ƙafa zanen zai ƙanƙance, in ya karkata shi waje zai ƙaru. Daga nan sai a auna daga gefen takardar da ke jikin bango zuwa ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na biyun ne ya zarce. A maimaita da ɗaya ƙafar, a ɗauki awon wadda ta fi girma, domin da wuya a samu mutumin da ƙafafunsa suka zo ɗaya sak.

To, yaya santimita za ta koma lamba? Lambobin da muka fi sabawa da su a kasuwanninmu, irin su 40 da 41 da 42, na tsarin Turai ne, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kashi biyu cikin uku na santimita. Lambar tana nuna tsawon cikin takalmin ne, wanda dole ya ɗara ƙafa don yatsu su samu wurin motsi. Saboda haka sai ka ƙara santimita 1.5 a kan tsawon ƙafarka, ka ninka abin da ka samu da 1.5. Ga nawa lissafin: ƙafar dama 26.2, ta hagu 26.5. Na ɗauki 26.5, na ƙara 1.5 ya zama 28, na ninka da 1.5 ya ba ni 42. Takalmi mai lamba 44 kuwa cikinsa ya haura santimita 29, wato ina yawo da fili kusan santimita uku a gaban yatsuna.

Wani takalmin za ka ga an rubuta UK 8 ko US 9 a harshensa, waɗannan duk suna kusa da 42 a takalman maza. In ka ga CM ko JP da lamba kamar 26.5, ko 265 a wasu takalman China, wannan ya fi sauƙi, don kai tsaye za ka gwada shi da awonka. Duk da haka lamba jagora ce kawai. Kowane kamfani da irin ƙirarsa, 42 na wannan yakan ɗan saɓa da 42 na wancan.

Faɗi shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi jawo wahala. Duba zanen ƙafarka, ka auna wurin da ya fi faɗi, daga gaɓar gindin babban yatsa zuwa gaɓar gindin ƙaramin yatsa. Sannan ka zagaya tef a daidai wurin kana tsaye, ba tare da ka ɗaure shi tamau ba, don ka san kaurin ƙafar. Namiji mai ƙafar santimita 26.5 faɗinta yakan kama wajen santimita 10. Tawa ta kusa 11, kuma wannan 'yar tazarar ce ta hana ni shiga 42 na yau da kullum. Wasu kamfanoni suna nuna faɗi da harafi: a tsarin Amurka D shi ne matsakaici ga maza, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai, ga mata kuwa B ne matsakaici. Yawancin takalman kasuwarmu ba su da wannan harafi, don haka dabarar ita ce ka kwafi zanen a kan kwali, ka yanke shi, ka tafi da shi. In kwalin ya shiga ya kwanta lafiya ba tare da gefensa ya naɗe ba, faɗin ya yi. In shimfiɗar cikin takalmin tana cirewa, zare ta ka taka, kada gefen ƙafarka ya zubo waje.

Ƙara lamba don neman faɗi kuskure ne saboda takalmi yana da wurin da aka yi shi ya lanƙwasa, kuma ya kamata wurin ya zo daidai da gaɓar yatsunka. In ya yi tsawo da yawa, lanƙwasar ta koma kan yatsu, dunduniya ta riƙa zamewa tana gogar bayan takalmin har ta yi bororo. Mafita ita ce mai faffaɗan gaba, ko mai igiya da za ka iya sassautawa, ko ka kai awonka wa baduku ya ɗinka maka.

A shago, sa ƙafa biyu duka, ka tashi ka yi 'yan taku. Danna gaban takalmin, ya zama akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannunka. In an ce maka "zai buɗe", ka sani fata tana ɗan sakewa ta faɗi amma ba ta ƙara tsawo, roba kuwa kusan ba ta sakewa sam. Takalmin gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, shi ma gwaji ne zai raba gardama.

Iyaye mata da ke karya tsinken tsintsiya daidai ƙafar yaro su tafi da shi sayen takalmin Sallah sun kama hanya, sai dai tsinke ba ya nuna faɗi. A yi wa yaron kwali yana tsaye, a sake sabo bayan 'yan watanni, don ƙafarsa tana girma kuma ba kullum yake faɗin cewa takalmi ya matse shi ba. Mai ciwon sukari kuma, ina roƙonka ka fi kowa kula: jin ƙafarka na iya raguwa har takalmi ya ji maka rauni ba ka sani ba. Duk lokacin da ka cire sabon takalmi, duba ƙafarka ko akwai wurin da ya yi ja ko ya goge, in ka gani ka ajiye takalmin ka nuna wa likita.