Ka Goge Shafinka na Facebook, Amma Hotunanka Na Nan Tukuna

A ce wata baiwar Allah ta gaji da Facebook, ranar 1 ga Maris ta shiga saitin shafinta ta danna "Delete account". Nan take ƙawayenta za su neme ta su rasa, ba suna, ba hoto, ba rubutu. A idonsu ta tafi. A rumbun kamfanin Meta kuwa komai nata na nan, kuma zai iya kaiwa ƙarshen Mayu ba a gama kwashe shi ba.

Kwana 30 na farko da gangan kamfanin ke jinkirtawa. Wasu cikin fushi suke danna maɓallin, gari na wayewa su yi nadama. Wasu kuma ba su ne suka danna ba, ɓarawon shafi ne ya shiga ya yi ɓarna. Shi ya sa ake ɓoye shafin a jira. Idan baiwar Allahn nan ta sake shiga cikin watan Maris ta danna "Cancel deletion", komai zai dawo yadda ta bar shi, wanda ke nuna ba a taɓa ko hoto ɗaya ba. X ma kwana 30 yake bayarwa, kuma a can shiga shafin kaɗai na iya farfaɗo da shi.

Bayan wa'adin, dawowa ta ƙare, amma Meta ya ce aikin sharewar na iya ɗaukar kwana 90 daga lokacin da aka fara. Me ke cin wannan lokaci, alhali ɗora hoto bai wuce ƙiftawar ido ba?

Hoton da ka ɗora ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Ana rage shi zuwa girma iri-iri, na babban allo da na ƙaramar waya, kowanne kuma a ajiye kwafinsa a na'urori da dama, don kada lalacewar ɗaya ta jawo asara. Cibiyoyin ajiyar a warwatse suke: akwai ta Prineville a Amurka, da ta Luleå a Suwidin, da ta Clonee a Ailan. Dole umarnin sharewa ya bi kowane kwafi har inda yake.

Ko ya isa, ba nan take ake kankare hoton ba. A 2010 injiniyoyin Facebook sun bayyana tsarin ajiyar hotunansu mai suna Haystack. Hotuna masu ɗimbin yawa, na mutane daban-daban, ana jera su cikin ƙaton fayil guda mai kusan gigabayit 100. Idan aka ce a goge ɗaya, alama kawai ake sa masa cewa gogagge ne, kada a nuna wa kowa. Kamar mai shago ne da littafin bashi: wanda ya biya, layi ake ja a kan sunansa, ba a yage takardar, domin akwai sunayen wasu a jikinta. Sai ranar da aka kwafe sauran sunayen zuwa sabon littafi tsohon suna zai ɓace. Na'urar ma sai an zo sake tsara fayil ɗin ake tsallake masu alama. Wannan dabara ce ta rage wahalar na'ura, ba lallai mugun nufi ba, ko da yake jinkirin ya taɓa wuce gona da iri: daga 2009 zuwa 2012 mujallar Ars Technica ta yi ta nuna hotunan da aka goge shekaru amma suna buɗuwa ga mai adireshinsu kai tsaye, kafin kamfanin ya gyara.

Sai ajiyar ko-ta-kwana, wadda ake tanada saboda gobara ko lalacewar na'ura. Ita ba a buɗe ta don zare kayan mutum ɗaya, jira ake yi wa'adinta ya cika a share ta baki ɗaya. Google ya ce bayanai kan iya kai wata 6 a irin wannan ajiya, Meta ma ya ce kwafi na iya zama a tasa bayan kwana 90 ɗin. Hukuma ma na iya tsayar da aikin: dokar Amurka ta ba jami'an bincike damar sa kamfani ya riƙe bayanan mutum kwana 90, su kuma nemi ƙarin wasu 90.

Akwai kuma abin da ba ya tafiya sam. Saƙon da ka aika wa wani ta Messenger yana nan a akwatinsa, haka hoton da ya sauke a wayarsa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin neman kamfani ya share bayananka, amma takardar da za ka rubuta wa kamfani ba za ta shiga wayar ƙawa ko tsohon saurayi ba. Don haka mai niyyar tafiya ya fara sauke hotunan da yake so, ya tabbatar "Delete account" ya zaɓa ba "Deactivate account" ba, domin na biyun ɓoyewa ce kawai, sannan ya cire manhajar daga wayarsa har kwana 30 su cika.